Faci Ya Sauka Amma Bai Kama Ba: Yadda Ake Gano Kwamfutocin Ofis Masu Jiran a Sake Kunna Su

"Injiniya, wallahi kullum sai na kashe ta kafin in tashi."

Hajiyar da ke riƙe da lissafin kuɗi a wani ƙaramin ofis da nake duba wa kwamfutoci ce ta faɗa mini haka, kuma gaskiya ta faɗa. Na sha ganinta da yamma tana danna `Shut down`, ta jira fuskar kwamfutar ta yi baƙi, ta lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura, sannan ta ɗauki jakarta. Amma da na buɗe `Task Manager` a gabanta, na shiga `Performance`, na taɓa `CPU`, sai ga wurin da aka rubuta `Up time` yana nuna kwana 41. A lissafin kwamfutar, rabonta da tashi daga tushe kwana arba'in da ɗaya ke nan. A can ƙasa kuma, kusa da agogo, akwai wata 'yar alama mai ɗigon ruwan lemo da Hajiya ta daɗe da daina gani, tana cewa akwai gyaran da ya sauka yana jiran a sake kunna na'urar.

Wannan tazarar da ke tsakanin "gyara ya sauka" da "gyara ya fara aiki" ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya a aikin kula da kwamfutocin ofis, domin ba ta da ƙara. Kwamfutar tana aiki lafiya, takardu na fita daga firinta, babu wanda ya kawo ƙorafi. Amma ɓarakar da aka aiko da facin domin a toshe tana nan a buɗe.

Ga yadda abin yake. Kamfanin Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro na Windows a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, al'adar da ya fara tun watan Oktoba na 2003. A agogon Najeriya da Nijar suna fitowa ne da misalin ƙarfe 6 ko 7 na yamma, wato bayan yawancin ofisoshi sun tashi, don haka sai Laraba ko Alhamis kwamfutocinmu ke sauke su. Saukewar ba ta damun kowa, a bayan fage take faruwa mutum na cikin aikinsa. Matsalar ita ce yawancin fayilolin da ake so a canza, su ne Windows ɗin ke tsaye a kansu a daidai wannan lokacin. Ba a yi wa taya faci mota na tafiya. Sai Windows ya ajiye sababbin fayilolin a gefe, ya rubuta wa kansa takardar tuni cewa idan an sake kunna shi zai ɗora su kafin komai ya farka. Har zuwa wannan lokacin, tsohon fayil mai ɓaraka ne ke aiki.

Wanda ya tuna abin da ya faru a 2017 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ranar 14 ga Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran da ake kira MS17-010. A ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan haka, muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin gwamnatin Birtaniya. Gyaran nan yana cikin waɗanda sai an sake kunna kwamfuta suke kamawa. Kwamfutar da ta sauke shi ta ajiye, da wadda ba ta taɓa saukewa ba, a wurin mai kutse duk ɗaya suke.

To me ya sa kashewar Hajiya ta kullum ba ta wadatar ba? Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, akwai wani tsari mai suna `Fast Startup` da yake zuwa a kunne a yawancin kwamfutoci. Idan ka danna `Shut down`, Windows yana rufe manhajojinka ya fitar da kai, amma zuciyar tsarin ba ta mutuwa. Yana kwafe ta yadda take ya adana a wani fayil mai suna `hiberfil.sys`, da safe ya ɗauko ta ya mayar, don kwamfutar ta tashi da sauri. Ke nan tsohuwar zuciyar jiya ce ta dawo, da ɓarakarta da komai. `Restart` ne yake rushe komai ya sake ginawa daga tushe. Mutane da yawa suna ɗauka kashewa ta fi sake kunnawa ƙarfi, kuma a hankalce haka ya kamata ya zama, amma a Windows na yanzu akasin haka ne. Idan akwai gyara a ajiye, maɓallin yakan ƙara nuna `Update and restart` da `Update and shut down`, sai dai mai saurin kama hanya da yamma ba ya son tsayawa jiran su.

Akwai kuma dalili na biyu da ya shafe mu musamman. Windows yana da lokacin da yake ɗauka na aiki ne, `Active hours`, kuma yana ƙoƙarin sake kunna kansa ne a wajen wannan lokacin, galibi cikin dare. An gina wannan dabarar a kan tunanin cewa kwamfuta za ta kwana da wuta. A ofisoshinmu kuwa ana kashe janareta da an tashi, maigadi ya bi ya kashe soket. Daren da Windows ke jira ba ya taɓa zuwa.

Takardar tunin tana ina?

Idan kwamfuta ɗaya ce, ba sai an wahala ba. A shiga `Settings`, a buɗe `Windows Update`, za a ga `Restart required` ko `Pending restart` a rubuce. Amma ofishin da nake magana a kai yana da kwamfuta 18 a jerin da manaja ya ba ni, wasu a sama wasu a ƙasa, wasu a jakar ma'aikatan da ke fita. Bin su ɗaya bayan ɗaya kowane wata, kana roƙon kowa ya ɗan matsa maka, aiki ne da ake yi sau biyu a gaji a bari.

Takardar tunin da Windows ke rubuta wa kansa tana cikin rajistarsa, wato babban kundin da yake adana saitunansa. Babu wuri guda da aka ce nan ne kawai za a duba, amma akwai wurare biyu da na fi amincewa da su. Na farko na sashen da ke ɗora sassan Windows ne, na biyu na sashen da ke sauke gyare-gyare. Kowannensu maɓalli ne da yake bayyana idan ana jiran sake kunnawa, ya ɓace idan an gama. Tambayar kawai ita ce: yana nan ko ba ya nan? A `PowerShell` ana tambaya kamar haka:

```
$t = 'HKLM:\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion'
Test-Path "$t\Component Based Servicing\RebootPending"
Test-Path "$t\WindowsUpdate\Auto Update\RebootRequired"
```

Kowane layi zai amsa da `True` ko `False`. Idan ko ɗaya daga cikinsu ya ce `True`, kwamfutar na jira.

Akwai wuri na uku da za ka ji masu aikin suna ambata, `PendingFileRenameOperations`, a ƙarƙashin `HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Session Manager`. Jerin fayiloli ne da za a sauya ko a goge a tashi na gaba. Ni ba na saka shi a ma'aunina na farko, saboda ba Windows kaɗai ke rubutu a cikinsa ba. Manhajar kariya daga ƙwayoyin cutar kwamfuta tana rubutawa, manhajar firinta tana rubutawa, wani lokaci don kawai a share wani fayil na wucin gadi. Idan ka dogara da shi za ka ga kusan rabin ofis kullum "suna jira", kuma ranar da ma'aikata suka gane kana tashinsu daga aiki a banza, sun daina sauraronka ke nan, har ranar da abin yake da gaske. Ina duba shi ne idan wata manhaja ta ƙi shiga tana cewa sai an sake kunnawa, alhali wurare biyun farko sun ce babu komai.

Don a tambayi dukkan kwamfutocin daga kujera ɗaya, sai a rubuta sunayensu a fayil, kowane suna a layinsa, a aika musu da tambayar gaba ɗaya. Na kan haɗa da lokacin da kowace ta yi tashin ƙarshe:

```
Invoke-Command -ComputerName (Get-Content .\sunaye.txt) -ScriptBlock {
  $t = 'HKLM:\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion'
  [pscustomobject]@{
    CBS   = Test-Path "$t\Component Based Servicing\RebootPending"
    WU    = Test-Path "$t\WindowsUpdate\Auto Update\RebootRequired"
    Tashi = (Get-CimInstance Win32_OperatingSystem).LastBootUpTime
  }
}
```

Wannan umarnin yana da sharuɗɗa. Dole mai bugawa ya kasance da ikon mai gudanarwa a kan kwamfutocin, kuma dole a ce an buɗe musu ƙofar karɓar umarni daga nesa, wadda ake kira `WinRM`. A Windows na kwamfutocin ma'aikata ƙofar tana zuwa a rufe, sai an buɗe ta da `Enable-PSRemoting`, ko a buɗe wa kowa lokaci guda idan ofishin yana da uwar garke mai riƙe da asusun kowa. Manyan ma'aikatu masu amfani da Intune ko Configuration Manager ko WSUS suna ganin wannan bayanin a allonsu ba tare da sun buga komai ba, amma abin da zan faɗa a gaba ya shafe su su ma.

Amsa uku ce, ba biyu ba

Ranar Laraba, kwana takwas bayan fitowar gyaran watan, na buga umarnin da misalin ƙarfe 11 na safe, lokacin da na san kowa ya zauna. Kwamfuta 13 suka amsa. Shida a cikinsu suka nuna `True`, har da ta Hajiya. Bakwai suka nuna `False` a duka wuraren biyu. Sauran biyar kuwa jan rubutu kawai suka bari a allo, alamar ba a same su ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya ɗauki shidan nan ya ce su ne matsalar, ya rufe littafi. Shidan su ne mafi sauƙi, domin sun faɗi ciwonsu da bakinsu. Inda aikin yake shi ne wajen masu cewa `False` da kuma waɗanda suka yi shiru.

`False` yana da ma'ana biyu da suka yi hannun riga. Yana iya nufin kwamfutar ta sauke gyaran, an sake kunna ta, komai ya kama. Yana kuma iya nufin ba ta sauke komai ba tun farko, don haka ba ta da abin jira. Nan ne ranar tashin ƙarshe take da amfani. A cikin bakwai ɗin, shida sun tashi a cikin makon, bayan Talatar gyara, wanda ya dace da labarin cewa sun gama. Ta bakwai, ta ɗakin ajiyar kaya, rabonta da tashi ya fi wata biyu, kuma tana cewa ba ta jiran komai. Waɗannan maganganun biyu ba sa haɗuwa a kwamfutar da ke karɓar gyara kowane wata. Da na je na buga `winver` a kanta, na gwada lambar da ta nuna da ta maƙwabciyarta mai irin Windows ɗinta, sai na ga tana baya. Dalilin bai ɓuya ba: ɗakin ba ya samun intanet ɗin ofis sosai, sai ma'aikacin ya haɗa ta da 'yar na'urar intanet ta aljihu, aka saita layin a matsayin `Metered connection` don kada data ta ƙare. A irin wannan layin Windows yana dakatar da sauke yawancin gyare-gyare. Ban ga laifinsa ba, kuɗin data daga aljihunsa yake fita. Waya muka ja masa daga ofishin kusa.

A kula, ranar tashin ƙarshe ita kaɗai ba hujja ba ce, musamman a wurinmu. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin ajiya, duk lokacin da aka ɗauke wuta mutuwa take yi farat ɗaya, ta tashi daga tushe, lissafin kwanakinta ya koma sifili. Ganin ta tashi jiya ba ya nufin an sake kunna ta yadda ya kamata, domin wani ɓangare na ɗora gyaran yana faruwa ne a lokacin da take rufewa cikin tsari. Shi ya sa nake karanta abu biyun tare, alamar rajista da ranar tashi, in kuma ƙara da `winver` idan na yi shakka.

Sai biyar masu shiru. Biyu na ma'aikatan da suka tafi aiki wajen gari ne, suna cikin jaka. Ɗaya mai ita yana hutu, tana kashe. Ɗaya tana kunne a gabana amma ta ƙi amsawa, sai na tarar Windows ya ɗauki layin ofis a matsayin `Public network`, ya toshe ƙofar. Ta ƙarshe kuwa ta lalace tun bara, tana cikin sito, sunanta kawai ya rage a jerin manaja. Wato kwamfutocin ofishin 17 ne, ba 18 ba, kuma jerin da ba a gyara shi ba yana sa rahoto ya yi ƙarya ta kowane ɓangare: yana ƙirga matattu, yana kuma iya mantawa da sabuwar da aka sayo aka ajiye a teburin sakatare ba a gaya wa kowa ba. Kwamfutocin jakar nan biyu su suka fi damuna, domin su ne ke shiga intanet ɗin otal da na filin jirgi, kuma su ne masu su ke rufe murfi kawai ba tare da sun taɓa kashewa ba. A takardar da na kai wa manaja na raba gida uku: masu jira, waɗanda na tabbatar sun gama, da waɗanda ban gani ba. Ban yarda gida na uku ya narke a cikin na biyu ba.

Idan a ofis akwai uwar garke mai Linux, tambayar ta fi sauƙi. A Ubuntu, fayil ɗin `/var/run/reboot-required` yana bayyana idan ana jira, a dangin Red Hat kuma `needs-restarting -r` ne ke ba da amsa.

Gano su rabin aiki ne, saura sake kunnawar, kuma a nan ake ɓata tsakanin mai kula da kwamfuta da ma'aikata. Ana iya tura umarni daga nesa, misali `shutdown /r /t 900`, wanda ke ba mutum daƙiƙa 900, wato minti 15. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da zarar an sa lokacin jira ya wuce sifili, Windows yana ɗauka an ba shi izinin rufe manhajoji da ƙarfi idan lokacin ya cika. Wanda ya bar lissafin da bai adana ba ya tafi salla, zai dawo ya tarar babu. Ana iya soke umarnin da `shutdown /a` kafin lokacin ya cika, amma wanda ba ya kan kujerarsa ba zai soke komai ba. A ofis mai mutum ashirin na fi son in bi da ƙafa in yi magana.

Lokacin ma sai an zaɓa. Mafi munin lokaci shi ne dab da tashi, domin ɗora gyara yana iya ɗaukar minti goma, yana iya kai rabin awa ko fiye a tsohuwar kwamfuta, kuma idan allo ya nuna `Don't turn off your computer` da gaske yake. Idan aka kashe janareta a tsakiyar wannan, sau da yawa Windows yana iya komawa baya ya warware abin da ya fara, amma wani lokaci kwamfutar ba ta sake tashi sai an yi mata aiki. Na roƙi manaja abu ɗaya.

"Yallabai, ranar Alhamis idan an fita sallar azahar, a bar mini janareta a kunne minti arba'in. Kowa ya adana aikinsa ya danna `Update and restart` kafin ya fita."

Ya ce, "Man fa, Injiniya?"

Na ce masa sau ɗaya ne a wata, kuma a lokacin ma'aikata ba sa kan kujerunsu balle a ce an tsayar musu da aiki. Ya amince.

Bayan an dawo na sake buga umarnin nan, domin danna maɓalli ba shi ne shaida ba, ɓacewar alamar ce shaida. Huɗu daga cikin shidan suka koma `False`. Ta biyar ta ci gaba da nuna `True`, amma da na duba sai na ga wani gyaran ne na daban da ya samu damar shiga bayan na farko ya kammala. Wannan yana faruwa ga kwamfutar da ta tara bashi, sai an sake kunna ta karo na biyu. Ta shida ita ce ta Hajiya. Ta fara ɗorawa, ta kai wani wuri, sai ta rubuta cewa ba ta iya kammalawa ba, tana `Undoing changes`, ta dawo yadda take.

A irin wannan halin akwai masu shiga rajista su goge maɓallin da hannu don rahoto ya yi kyau. Kada a yi. Alamar za ta ɓace, fayilolin da ke jira suna nan, ɓarakar tana nan, kuma an ƙara rikita sashen da ke ɗora gyaran. Abin yi shi ne a buɗe `Update history` a ga wane gyara ne ya faɗi da lambar kuskurensa, sannan a duba abu mafi sauƙi tukuna, wato wurin ajiya. Ma'ajiyar kwamfutar Hajiya ta cika maƙil, abin da ya rage bai kai gigabait biyu ba, saboda shekara da shekaru na takardun da aka ɗauki hotonsu suna zube a kan allo da cikin `Downloads`. Muka zauna tare, tana nuna mini na bara da na bara waccan, muna kwashe su zuwa ma'ajiyar ofis. Da wuri ya samu na danna `Restart`, muka zuba wa allon ido yana ƙirgawa har ya kai ɗari. Na buga layukan nan biyu a gabanta, duka suka ce `False`, `Up time` kuma ya nuna minti uku.

Ta tambaye ni ko ta daina danna `Shut down` ke nan. Na ce a'a, ta ci gaba da kashewa da yamma kamar yadda ta saba, amma duk ranar da ta ga ɗigon ruwan lemon nan kusa da agogo, ta adana aikinta ta danna `Update and restart` tun da sauran wuta. Kwamfutocin jakar nan biyu kuma na rubuta sunayensu a takarda na manna a teburin sakatare, da roƙon duk wanda ya dawo da su ranar Litinin ya biyo ta wurina kafin ya buɗe murfi ya fara aiki.